Yadda ake mai da jerin halarta mai rikitaccen rubutu ya zama jadawalin suna da rana

Tun da na shirya wa wani ajin yaƙi da jahilci na mata a unguwar Birni jadawalin halartarsu, mutane ke tare ni da tambaya iri ɗaya, daga malaman Islamiyya har sakatarorin ƙungiyoyi a nan Damagaram. Kowa yana da dogon jeri a Excel, suna a gefe ɗaya, rana a ɗaya gefen, hannu uku ko huɗu suka buga shi, kuma ana so a ga sunaye a jere daga sama zuwa ƙasa, ranaku a jere a sama, kowane gida da alamar ta zo ko ba ta zo ba. Fomular da ke zana jadawalin layi ɗaya ce. Aikin gaske yana gabanta, wajen daidaita sunaye da ranaku, don haka a can zan fi daɗewa.

Zan bi aikin ajin nan daga farko har ƙarshe. Mata 24 ne a rajista, suna zama Litinin da Alhamis, zama takwas a watan Fabrairun 2025: ranakun 3, 6, 10, 13, 17, 20, 24 da 27. Jerin da aka kawo mini layi 163 ne. Ana ba kowace mace dala ɗari kuɗin abin hawa a duk ranar da ta zo, saboda haka duk alamar da ta faɗi ba daidai ba haƙƙin wata ne ya tafi.

Abin da za ka tanada

Kwamfuta mai Excel, daga na 2007 zuwa sama. Rajistar ajin ta asali, da takardun da aka sa hannu a kowace rana. Sai mutum ɗaya da ya san ƴan ajin ido da ido, wanda zai zauna kusa da kai na rabin awa. Ba ka buƙatar intanet, kuma ba kuɗin da za ka kashe sai na buga takarda a ƙarshe. Ka ware awa biyu a karon farko.

Yawancin na'urorinmu Excel ɗin Faransanci ke kansu, shi ya sa na rubuta fomulolin da sunayen Faransanci, da alamar `;` tsakanin sassa. Mai na Ingilishi zai samu nasa a mataki na 5. Kolon shi ne layin tsaye mai harafi a kansa, A, B, C. Layi kuwa na kwance ne mai lamba.

1. Ajiye na asali, yi aiki a kan kwafi

Kafin ka taɓa komai, ka adana fayil ɗin da sabon suna, ka bar na asalin yadda yake. Ka sa wa shafin jerin suna `Brut`. Sunaye su kasance a kolon A, ranaku a kolon B, layi na 1 na kanun kolon ne.

Wasu suna rubuta ranar sau ɗaya a sama, sai sunaye su biyo a ƙarƙashinta ba rana a gefensu. In naka haka yake, sai ka cika kolon B da hannu ta yadda kowane suna zai samu ranarsa a gefe, sannan ka goge layukan da rana ce kaɗai a ciki. Kada ka jera sunayen daga A zuwa Z kafin ka gama wannan cikon, domin da zarar sun bar ƙarƙashin ranarsu ba ka da hanyar sanin wa ya zo yaushe. Ka riƙa danna `Ctrl+S` bayan kowane mataki, wuta ba ta sallama in za ta tafi.

2. Gyara ranaku

A wajen Excel rana lamba ce da aka yi wa ado. 3 ga Fabrairu 2025 lamba 45691 ce a cikinsa. In aka buga ta yadda bai gane ba, kamar `03.02.2025` ko `lundi 3 fév`, sai ya ɗauke ta rubutu kawai, kuma ba za ta taɓa haɗuwa da ranar da ke saman jadawali ba ko da a ido sun yi kama. Alamar farko ita ce inda ta jingina a gidanta: rana ta gaskiya tana jingina dama, rubutu yana jingina hagu, muddin ba wanda ya sauya jerin da hannu.

Ka zaɓi kolon B shi kaɗai, ka shiga `Données`, ka danna `Convertir`. Ka bar shi a `Délimité`, ka danna `Suivant`, ka cire duk alamun da aka zaɓa, ka sake danna `Suivant`. A taga ta uku ka zaɓi `Date`, a gefensa ka zaɓi `JMA`, wato rana, wata, shekara, sannan `Terminer`. Yawancin masu ɗigo da masu ɗan sanda za su koma rana ta gaskiya nan take. Waɗanda aka haɗa da sunan ranar mako sai ka sake buga su da hannu.

Yanzu a gidan D2 ka rubuta wannan, ka ja shi har layin ƙarshe, ka ba kolon ɗin sigar rana:

```
=ENT(B2)
```

Amfaninsa biyu ne. Yana yanke awa da minti da ke ɓoye a bayan wasu ranaku, musamman jerin da aka sauke daga waya, domin ranar 3 da ƙarfe tara ba daidai take da ranar 3 zalla ba. Kuma duk inda rubutun da bai ganu ba ya rage, zai nuna `#VALEUR!`, sai ka koma ka gyara.

Ga gargaɗin da ya fi kowanne a wannan mataki. In an buga wani ɓangare na jerin a na'urar da aka saita da tsarin Amurka, wata ne ke zuwa kafin rana. Mai bugawa ya sa 06/02 yana nufin 6 ga Fabrairu, na'ura ta adana 2 ga Yuni. Daga 13 zuwa sama ba su juyawa, tunda babu wata na goma sha uku, sai su zauna a matsayin rubutu. `Convertir` yana gyara waɗannan na rubutu, amma waɗanda suka riga suka juye ba ya taɓa su, domin a ganinsa lafiyarsu ƙalau. Duba ranar mako ma ba lallai ya kama su ba: 2 ga Yuni 2025 Litinin ce, 2 ga Oktoba kuma, wadda 10/02 ke komawa, Alhamis ce, duka ranakun zaman ajin. Abin da ke tona su shi ne `Filtrer`. Ka kunna shi a kolon D, ka buɗe ƴar kibiyar: zai jera maka shekara da watanni. A namu ya kamata a ga Fabrairu kaɗai, sai ga Maris da Yuni da Oktoba. Muka zaɓe su ɗaya bayan ɗaya, muka mai da su 3, 6 da 10 ga Fabrairu. A nan ne kuma za ka ga shekarar da ba ta dace ba, domin wanda ya buga `3/2` ba shekara, Excel yana liƙa masa shekarar da ake ciki ranar da aka buga.

Kada ka wuce sai jerin da `Filtrer` ke nunawa ya zama ranakun zama kaɗai. Namu takwas, ba ƙari ba ragi.

3. Share ƙurar da ke jikin sunaye

A gidan C2 ka sa wannan, ka ja shi ƙasa:

```
=MAJUSCULE(SUPPRESPACE(SUBSTITUE(A2;CAR(160);" ")))
```

`SUPPRESPACE` yana cire fili na gaba da na bayan suna, yana mai da fili biyu na tsakiya ya zama ɗaya. `SUBSTITUE` da `CAR(160)` suna maganin wani fili na daban da ke biyo rubutun da aka kwafo daga intanet, wanda `SUPPRESPACE` ba ya ganinsa. `MAJUSCULE` yana mai da komai manyan baƙaƙe don ido ya huta. Na fi son sa a kan `NOMPROPRE`, domin shi wancan yana ɗaga harafin da ke bayan ɗaurin hamza, A'isha ta koma A'Isha.

Iyakar abin da fomula za ta yi maka a kan suna ke nan.

4. Teburin daidaita sunaye

Matsalarmu a nan ita ce suna ɗaya yana da rubutu biyu tun daga tushe. Wanda ya yi lakwal zai rubuta Aïchatou Moussa, wanda ya saba da rubutun Hausa zai rubuta A'isha Musa, na uku zai bar ɗigo biyun da ke kan harafin ya sa Aichatou, na huɗu kuma ya fara da sunan uba kamar yadda ake yi a takardun ofis. Mace ɗaya ce, Excel yana ganin huɗu. Ba na ba da shawarar a bi jerin ana gyara su ɗaya ɗaya a inda suke, domin wata mai zuwa za a sake kawo irin rubutun, a sake aikin daga farko. Tebur za ka yi, sau ɗaya, ya zauna.

Buɗe sabon shafi, ka kira shi `Sunaye`. Kwafi kolon C na `Brut`, ka zo gidan A1 na sabon shafin, ka yi `Collage spécial`, ka zaɓi `Valeurs`. In ka liƙa kai tsaye fomula ce za ta zo, ba sunan ba. Sai `Données`, `Supprimer les doublons`, sannan ka jera daga A zuwa Z. Layi 163 namu suka koma rubutu 41, na mata 24.

A kolon B, gefen kowane rubutu, ka sa sunan mai shi kamar yadda yake a rajista. Duk rubutun Aïchatou huɗu za su samu suna ɗaya a gefensu. Kada ka sake buga sunan rajistar da hannu a kowane layi: buga shi sau ɗaya, sauran ka kwafa, in ba haka ba kai ma ka shigo da naka saɓanin. Rubutun da yake daidai tun asali shi ma sai ya samu layinsa, ba a barin gida a kolon B fanko.

A nan ne malamar ajin ta zauna kusa da ni da takardun sa hannu a cinyarta. Na ga RAMATOU ISSA da RAHAMATOU ISSA a jere, na kai hannu zan haɗe su. Ta ce, “Malam, dakata. Waɗannan biyu ne. Ɗaya tsohuwa ce, ɗayar amarya ce daga Zango.” Ta jawo takardar ranar 17 ta nuna mini: ga sa hannun ɗaya a layi na huɗu, ga dangwalen yatsan ɗayar can ƙasa. Da na haɗe su, da ɗaya ta fito ba ta taɓa zuwa ba, ta rasa kuɗin wata guda. Na ce, “To Malama, HADIZA ɗin nan da aka rubuta ba sunan uba fa?” Hadiza biyu ne a ajin. Muka duba ranar da aka rubuta ta, muka tarar ɗayar Hadizar ta riga ta fito da cikakken sunanta a ranar, saboda haka wannan ta biyun ce. Irin wannan ba a saka shi a tebur, tunda gobe HADIZA na iya zama ɗayar. A `Brut` ake komawa, a cika sunan uban a wannan layin kaɗai.

In mutum biyu suna da suna ɗaya har na uba, ka ƙara musu abin bambancewa a sunan rajista, unguwa ko lamba, kuma ka gaya wa masu ɗaukar suna su riƙa rubuta shi.

Ka koma `Brut`, a gidan E2:

```
=RECHERCHEV(C2;Sunaye!A:B;2;FAUX)
```

Kada ka manta da `FAUX` na ƙarshe. In babu shi, Excel zai ɗauko sunan da ya ga ya yi kusa a jeri, ya ba wata halartar wata, ba tare da ya nuna kuskure ba. In ka ga `#N/A`, rubutu ne da babu shi a tebur, sai ka ƙara shi. Na sha ganin ana rufe shi da `SIERREUR` don shafi ya yi kyau. Kada ka yi haka a nan, shi ne zai sanar da kai duk ranar da sabon rubutu ya shigo.

5. Zana jadawalin

Buɗe shafi na uku, `Jadawali`. A kolon A, daga A2, ka jera sunaye 24 na rajista. Daga rajista za ka ɗauko su, ba daga jerin halarta ba, domin wadda ba ta taɓa zuwa ba babu sunanta a jerin, kuma ita ce aka fi buƙatar a gani. Rubutun sunan ya zama daidai da na kolon B a `Sunaye`, harafi da harafi. A kolon B ka sa ranar da kowace ta shiga ajin. Daga C1 zuwa J1 ka buga ranakun zama takwas, cikakku har da shekara, ka tabbata sun jingina dama.

A gidan C2:

```
=SI(C$1<$B2;"-";SI(NB.SI.ENS(Brut!$E:$E;$A2;Brut!$D:$D;C$1)>0;"P";"A"))
```

Ga abin da take cewa. In ranar zaman ta riga ranar shigar matar, a sa ɗan sanda. In ba haka ba, a ƙirga layukan `Brut` da ke da wannan suna da wannan rana tare. In an samu ko ɗaya a sa P, ta zo, in babu a sa A, ba ta zo ba. Na bar P da A ne don su aka saba gani a takardun ofisoshinmu, kana iya sa duk alamar da ka ga dama tsakanin alamun zancen. Ɗan sandan nan yana da muhimmanci: mata biyu sun shiga ajin ranar 13, kuma ba adalci ba ne a rubuta musu fashin zama uku da aka yi kafin su san da ajin.

Ja fomular zuwa dama har J2, sannan ka ja layin duka zuwa ƙasa har layi na 25. Alamar `$` ita ce ke riƙe da komai. `$A2` yana nufin kullum a duba suna a kolon A, `C$1` kuma kullum a duba rana a layi na 1. In ka ga kolon farko ya fito daidai amma sauran duk A ne, ko layin farko kaɗai ya yi kyau, to wata `$` ta faɗi ko ta zauna ba a wurinta ba.

Mai Excel na Ingilishi ga tasa:

```
=IF(C$1<$B2,"-",IF(COUNTIFS(Brut!$E:$E,$A2,Brut!$D:$D,C$1)>0,"P","A"))
```

Sauran kuwa `INT`, `UPPER`, `TRIM`, `SUBSTITUTE`, `CHAR`, `VLOOKUP` da `FALSE` ne, sai `COUNTIF` a madadin `NB.SI`. Sunan fomula yana bin yaren Excel, amma `;` ko `,` yana bin saitin yanki na na'urar, don haka in ya ƙi karɓa ka gwada sauya wannan alamar tukuna.

A K2 ka ƙirga zuwa da `=NB.SI(C2:J2;"P")`, a L2 ka ƙirga fashi da `=NB.SI(C2:J2;"A")`. A layi na 26, ƙarƙashin kowace rana, ka sa `=NB.SI(C2:C25;"P")` don ganin mutum nawa suka zo.

6. Auna kafin ka miƙa

Jadawali na iya cika da P da A ya yi kyau a ido alhali yana da kuskure, domin fomular ba ta san bambancin “ba ta zo ba” da “ban samu sunanta ba”. Duka biyun A take rubutawa. Saboda haka sai an auna.

Ka koma `Brut`, a gidan F2, ka ja ƙasa:

```
=NB.SI.ENS(E$2:E2;E2;D$2:D2;D2)
```

Wannan yana ba da 1 a karon farko da suna ya fito a wata rana, 2 in an sake rubuta shi a ranar. Namu biyar suka ba da 2, wato an rubuta su sau biyu. Jadawalin bai damu da su ba, tunda `>0` muka ce, amma ka leƙa takardar ranar, wani lokaci maimaicin alama ce cewa an haɗe mutum biyu a mataki na 4. Sannan `=NB.SI(F:F;1)` ya ba mu 158, wato 163 a cire biyar. Jimillar kolon K a `Jadawali` dole ta zama 158 ita ma.

Tamu 157 ta ba da. Ɗaya ta ɓace. Muka bi ta, muka tarar ɗaya daga matan da aka rubuta sun shiga ranar 13 ta zo ranar 10 ta zauna ta sa hannu, ba a dai shigar da ita rajista ba sai zama na gaba, ɗan sanda ya rufe zuwanta. Malama ta tabbatar, muka mai da ranar shigarta 10 ga wata. Lissafi ya tsaya haka: P 158, A 29, ɗan sanda 5, jimilla 192, daidai da 24 sau 8. In naka ya gaza, wurare uku za ka duba: sunan da ke `Sunaye` amma rubutunsa ya saɓa da na `Jadawali`, ranar da ke `Brut` amma ba ta cikin layi na 1, da irin wannan na ranar shiga.

Duba layi na 26 kuma. In wata rana ta ba da sifili, ko mutum uku a ajin da aka saba ganin ashirin, kada ka yarda kowa ya yi fashi. Ko dai ba a yi zama ba a ranar, sai a cire kolon ɗin gaba ɗaya, ko kuma takardar ranar ba a buga ta ba, sai a nemo ta. Haka in layin mace ɗaya ya fito A daga farko har ƙarshe, ka tambayi malamar kafin ka gaskata.

7. Launi, izini da bugawa

Zaɓi daga C2 zuwa J25, a `Accueil` ka shiga `Mise en forme conditionnelle`, ka zaɓi ƙa'idar `Égal à`, ka sa A da launin ja mai haske. In za a buga baƙi da fari ne, launin zai fito toka-toka, ya isa a gane.

Masu izini, kamar mai jego ko wadda aka yi wa rasuwa, jerin halarta bai san da su ba, A zai ba su. Kada ka goge fomular ka buga wata alama a kanta, domin ranar da ka sake jan fomular za ta shafe abin da ka sa. Ka kwafi jadawalin duka zuwa sabon shafi da `Collage spécial`, `Valeurs`, a can ka sauya A ɗin su zuwa alamar izini, kuma shi za ka buga. A `Mise en page` ka zaɓi `Paysage` don ranakun su shiga takarda ɗaya.

Wata mai zuwa ba sai ka sake komai daga tushe ba. Ka liƙa sabbin layuka a ƙarƙashin na `Brut`, ka bi mataki na 2 a kansu, ka ja fomulolin C, D, E da F zuwa ƙasa, ka ƙara duk rubutun da ya ba da `#N/A` a `Sunaye`, sannan ka sauya ranakun layi na 1. Abu ɗaya ka kula: `=NB.SI(F:F;1)` zai haɗa da na watan jiya, don haka ka cire 158 na Fabrairu daga abin da ya ba ka kafin ka gwada shi da jimillar kolon K.